Yadda Ake Cire Tsohon Tayil Daga Daɓen Siminti da Cizal, Ba Tare da Ƙura Ta Cika Gida Ba

Masu gyaran gida da dama sun sha tambaya kan yadda za su ɗaga tsohon tayil da aka liƙa da gam a kan daɓen siminti. Wasu suna son su tsira da tayil ɗin su shimfiɗa shi a shago ko ɗakin girki, wasu kuma daɓen da ke ƙasa suke so ya fito lafiya, kuma kusan kowa yana fargabar ƙura saboda iyali na cikin gidan. Duka ukun suna yiwuwa gwargwado, amma sai an bi aikin daki-daki. Yawancin tayil ɗin da ke fashewa, abu biyu ne ke fasa shi: an buge shi alhali yana haɗe da maƙwabtansa, ko an ɓanɓare shi da ƙarfi tun gam bai sake shi ba.

Za mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12 a matsayin misali, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, an shimfiɗa masa tayil mai santimita 40 da 40. Layi tara ke nan, kowane layi tayil tara, jimilla 81.

1. Fara da sauraren ƙasan

Kafin ka sayi komai, ɗauki ƙotar guduma ko wani guntun ƙarfe ka bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa a tsakiya da kusurwoyi huɗu. Wanda ya kama sosai zai ba da sauti mai nauyi, gajere. Wanda gam ya sake shi ko akwai iska a ƙarƙashinsa zai yi ƙara irin ta abin da ba komai a cikinsa. Sa wa irin waɗannan alama da alli.

Wannan zagayen shi zai gaya maka abin da za ka sa rai da shi. Idan a cikin 81 ɗin ka samu rabi ko fiye suna ƙarar fanko, to mai sa tayil ɗin ɗiga gam ya yi a tsakiya da kusurwoyi maimakon ya shafe ko'ina, kuma akwai kyakkyawan zaton da yawa za su fito lafiya. Idan kuwa kusan duka sun kama tam, ka cire rai da yawancinsu tun yanzu, ka mai da hankali kan ceton daɓen. Tayil ɗin da aka shafe bayansa da gam gaba ɗaya ba kasafai yake yarda ya fito a dunƙule ba, komai gwanintar mai aikin. Duk wanda ya yi maka alkawarin zai fitar da duka ba fashi tun bai ƙwanƙwasa ba, kada ka gina lissafinka a kan maganarsa.

Gargaɗi: wannan bayanin na tayil ɗin yumɓu ne, wato wanda aka gasa. Idan abin da ke ɗakin tayil ɗin roba ne, ƙanana masu inci tara, da baƙin gam kamar kwalta a ƙarƙashi, irin wanda ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati, to dakata. Irin wannan na da can yakan ƙunshi wani ma'adini mai suna asbestos, kuma ƙurarsa na jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru. Ba a fasa shi, ba a goge shi da inji. A nemi masani, ko a shimfiɗa sabo a kansa.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Cizal biyu kake bukata. Na farko mai faɗin baki, inci uku zuwa huɗu, shi ne na shiga ƙarƙashin tayil da kankare gam. Na biyu siriri, mai bakin da bai wuce inci ɗaya ba, na buɗe tayil ɗin farko da shiga lungu. In ka samu mai robar kare hannu a wuyansa, shi ya fi. Guduma ta zama gajeriya mai nauyin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Hamar kafinta ta yi sauƙi, za ta sa ka yi ta bugu ba ci gaba, babbar gudumar fasa dutse kuwa daɓen za ta farfasa.

Sai abin yanke layin da ke tsakanin tayil. Akwai ɗan zarton hannu da ake sayarwa musamman don wannan a shagunan tayil. In babu shi, tsohon bakin zarton ƙarfe da aka naɗe gefe ɗaya da tsumma zai yi. Ka tanadi faffaɗan abin kankara irin na masu fenti guda biyu, da gorar fesa ruwa, da leda mai kauri ko tamfol, da salatif, da buhunan siminti ko na shinkafa da aka gama da su, da shebur da bokiti da soso.

Na jiki kuma: tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu mai kauri, takalmi rufaffe, dogon wando, da abin durƙuso ko da tsohuwar katifa ce aka yanka. Takunkumi ya zama mai lambar N95 ko FFP2, wanda ya kama fuska ba ya barin iska ta gefe. Takunkumin yadi ko rawani a hanci ba ya tare ƙurar da ake gudu.

Farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari, don haka lissafa shi gida huɗu: kayan aiki, ladan ma'aikaci, kwashe ɓaraguzai, da siminti da yashin gyaran daɓe. Na huɗun ne mutane ke mantawa, kuma shi ne ke kumbura idan an yi aikin da gaggawa. Idan lebura za ka ɗauka kuma kana son tayil ɗin, kada ka ba shi jinga a kan ɗaki kawai, domin wanda aka biya a kan ɗaki saurin gamawa ne a gabansa. Ku yi ciniki a kan aikin, sannan ka ɗora masa wani abu a kan kowane tayil da ya fito lafiya.

3. Killace ɗakin

A fitar da komai, har labule da hotunan bango. A cire ƙyauren ƙofa idan yana buɗewa ciki. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe ta da leda, domin duk ƙurar da ta zuƙa za ta riƙa dawo da ita ɗakin makonni bayan an gama. Ƙofar da ke shiga sauran gida a rufe ta da leda daga sama har ƙasa, a liƙe gefuna da salatif, a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a bakinta don taka ƙafa. Taga mai kallon waje ita za a bari a buɗe. Idan akwai ƙaramar fanka ta tsaye, a kafa ta a tagar tana hura iska waje, ba cikin ɗaki ba, kuma a tabbata ba wajen girki ko shanyar maƙwabta take turawa ba.

Dalilin wannan wahalar shi ne gam ɗin tayil da siminti da tayil ɗin kansa duk suna ɗauke da yashi mai silika. Ƙurar da ido ke gani tana sauka da wuri. Wadda ba a gani ita ke daɗewa a iska, ta shiga can cikin huhu, kuma ba ta fita. Yara, tsofaffi da masu asma su bar sashen har a gama shara.

Gargaɗi: bincika ko akwai bututun ruwa ko na waya a cikin daɓen, musamman a banɗaki da ɗakin girki da kusa da bango inda soket yake. In ba ka da tabbas, rufe ruwan gidan, ka kashe wutar ɗakin daga mita ko akwatin rarraba wuta, tunda za a yi aiki da ruwa a ƙasa.

4. Yanke layin tsakanin tayil

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba aikin da tayil ke tsira da wanda ba ya tsira. Farin simintin da aka cike layukan da shi ya ɗaure kowane tayil da huɗun da ke kewaye da shi. Idan ka bugi ɗaya layin na nan, girgizar za ta ratsa zuwa na kusa, bakinsa ya ɓalle ko ya tsage daga kusurwa, tun ba ka zo kansa ba.

Fesa ruwa a kan layukan ka bar su minti goma su sha. Sannan ka bi su da ɗan zarton, kana ja da turawa, har ka kai ƙasan kaurin tayil ɗin, ka ji bakin ya taɓa gam. Layin yakan kasance milimita biyu zuwa uku ne kawai, saboda haka riƙe zarton a miƙe, kada ya karkata ya ci bakin tayil. Ƙurar za ta zama taɓo. Kwashe ta da soso kafin ta bushe.

Ba dole ba ne ka yanke ɗakin duka a zama ɗaya. Yanke kewayen layi biyu, ka ɗaga su, ka ci gaba. Kada ka manta da layin da ke tsakanin tayil ɗin ƙasa da na gindin bango. Idan na gindin bangon ya hau kan na ƙasa, shi za a fara cirewa, in ba haka ba layin ƙarshe ba zai ɗagu ba sai ya karye.

Gargaɗi: giranda tana yin wannan aikin cikin ɗan lokaci, amma a bushe ita ce babbar mai tayar da ƙura a duk aikin, kuma zamewa ɗaya ta isa ta ɓata tayil biyu. Idan iyali na cikin gidan, ni dai ba na ba da shawarar ta. Kada kuma a ce za a riƙa zuba ruwa a kan girandar da ba a ƙera ta don aikin ruwa ba, wutar lantarki ce a hannunka.

5. Buɗe tayil ɗin farko

Cizal yana bukatar gefe a buɗe da zai shiga. Duba bakin ƙofa, inda tayil ya ƙare, ko wurin da wani ya riga ya fashe ko ya ɗago. Idan akwai, daga nan za ka fara. Idan babu, sai ka sadaukar da guda ɗaya, kuma ka zaɓi mai ƙarar fanko wanda ke kusa da ƙofa.

Bayan ka yanke layinsa ta ko'ina, shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ko buhu a kansa, ka bugi tsakiyarsa da guduma har ya tsage. Tsumman yana tare tartsatsin da ke tashi, yana kuma danne ƙura. Ɗage shi, ka sa siririn cizal a cikin tsagar, ka riƙa cire gutsattsarin daga tsakiya zuwa gefe. Idan ka matso gefe, juya bakin cizal ya kalli tsakiyar ramin, kada ka jingina shi da bakin tayil na kusa kana ɓanɓara. Kankare gam ɗin da ke ramin har ka ga fuskar daɓe, saboda cizal ɗinka yana bukatar wurin kwanciya.

A nan za ka ga irin aikin da aka yi tun farko. Gam na gaskiya siriri ne, milimita kaɗan, sau da yawa da sawun layi-layi na abin shafawa. Idan abin da ka tarar kwaɓin siminti da yashi ne mai kaurin yatsa biyu ko fiye, to tayil ɗin a kan kwaɓi aka ɗora shi, kuma sau da yawa ya fi sauƙi ka shiga ƙarƙashin kwaɓin ka ɗago su tare.

6. Ɗaga sauran: kwantar da cizal

Durƙusa a gefen da aka buɗe. Fesa ruwa a bakin tayil ɗin da za ka ɗaga. Ɗora bakin faffaɗan cizal daidai inda gam ya haɗu da bayan tayil, ka kwantar da shi sosai, tsakaninsa da ƙasa kada ya wuce digiri 20 zuwa 30. A aikace, hannunka da ke riƙe da shi ya kusa taɓa ƙasa. Idan cizal ya miƙe tsaye, ƙarfin bugun ƙasa yake tafiya: ko ya haƙa rami a daɓe, ko ya fasa tayil. Idan ya kwanta, ƙarfin yana bi ta cikin gam ɗin yana yanka shi.

Bugu ya zama gajere, daga wuyan hannu, ba daga kafaɗa ba. Buga sau uku ko huɗu a tsakiyar gefen, ka zare cizal, ka matsa dama ka buga, ka matsa hagu ka buga. A tayil mai santimita 40, wuri uku ke nan a gefe ɗaya. Zagaye na farko bakin ya shiga kamar faɗin yatsa ɗaya, na biyu ya ƙara, a haka har ya yi nisa. Nisanci kusurwa da farko, domin nan ne tayil ya fi rauni. Da zarar an cire tayil biyu ko uku, kowane na gaba zai samu gefe biyu a buɗe. Yi aiki ta duka biyun, kana sauyawa.

Kunnenka zai gaya maka lokacin. Sautin bugun zai sauya daga mai nauyi zuwa na fanko, wani lokaci ka ji ɗan ƙas, ka ga ruwan da ke bakin layi ya zurara ƙarƙashi. Gam ya saki ke nan. A daidai nan ne mutane ke ɓata aikin: suna ganin tayil ya ɗan ɗago, sai su danna ƙotar cizal ƙasa su ɓanɓare shi. Tayil ba ya lanƙwasa ko kaɗan, kuma idan rabinsa na baya yana kame, zai karye a daidai inda gam ɗin ya tsaya. Abin yi shi ne ka zura faffaɗan abin kankara a inda ya buɗe ya riƙe maka wurin, ka koma da cizal gefe ka ci gaba da shiga. Sai ka ji tayil ɗin yana motsi gaba ɗayansa a ƙarƙashin tafin hannunka, sannan ka sa hannu biyu ka ɗauke shi.

Idan ka yi zagaye uku cizal bai shiga ba, ko bakin tayil ya fara ɓarɓashewa, wannan ba mai fitowa ba ne. Kada ka ƙara ƙarfi, daɓen ne zai biya. Rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma ka fasa shi kamar na farko, ka wuce. Tayil mai jan baya yana da taushi, yakan karye manya-manya. Mai farin baya mai tauri, wanda ake kira fosilin, ya fi jure bugu, amma idan ya fashe gutsattsarinsa suna da kaifin gilashi kuma suna tashi da nisa.

Game da ruwa, kada ka ɗauka zai narkar da gam. Gam ɗin siminti ba ya narkewa. Amfanin ruwan shi ne ya kama ƙura a inda ake bugu. Fesawa kaɗan-kaɗan kafin kowane tayil ta isa. Idan ka malale ɗakin, za ka zame, daɓen ya sha ruwa, sabon aikin kuma ya yi jinkiri.

Gargaɗi: duba kan cizal inda guduma ke sauka. Idan ya baje ya yi leɓe, ɓarɓashin ƙarfe na iya tsinkewa ya shiga ido ko hannu. Kai wa mai walda ya goge shi. Bakin ma idan ya dakushe a wasa shi, domin dakusasshen cizal turawa yake yi maimakon yankawa. Kuma kada kowa ya tsaya a gabanka, ta inda bakin cizal ya nufa.

7. Kwashe ɓaraguzai tun suna da danshi

Kada ka bari su taru. Bayan kowane layi, fesa ruwa, ka kwashe da shebur zuwa buhu. Shara da tsintsiya a bushe tana mayar da duk ƙurar da ka danne cikin iska, musamman da hunturu da komai ke bushewa nan take. Jiƙaƙƙen garin katako daga wurin masu yankan katako yana taimakawa: a barbaɗa, a share tare da shi. Tayil ɗin ɗaki irin na misalinmu kaɗai zai haura kilo 200, ban da gam, don haka a cika buhu rabi-rabi, a ɗaure baki, a fitar ta hanyar da ba ta ratsa ɗakunan kwana ba. Kada a jibge su a tsakar gida inda yara ke yawo ba takalmi.

Waɗanda suka fito lafiya a jingina su a tsaye da bango, a kan katako ko kwali, fuska da fuska. Idan aka jera su a kwance da busasshen gam a bayansu, nauyin na sama zai fasa na ƙasa, gam ɗin kuma ya karce fuskar na kusa.

8. Kankare gam da duba daɓen

Bayan tayil ya tashi, gam zai rage a ƙasa tudu-tudu. Jiƙa wurin da bai wuce mita ɗaya ba, ka kwantar da faffaɗan cizal fiye da ɗazu, ka bi da ƙananan bugu. Idan akwai sawun layi-layi, bi ta gicciyensu, sun fi saurin ɓallewa. Wannan matakin yakan ci lokaci kamar ɗaga tayil ɗin kansa, wani lokaci fiye, saboda haka kada ka sa wa mai sa sabon tayil rana tun ba ka gama shi ba. Ba sai daɓen ya yi sumul ba. Tabon gam da ya kama sosai kuma bai yi tudu ba, ba ya hana sabon gam kamawa.

Sannan ka ƙwanƙwasa daɓen kamar yadda ka yi wa tayil. Inda ya yi ƙarar fanko, ko yake marmashewa idan ka karce shi da ƙusa, ya rabu da kankaren ƙasa, kuma duk abin da aka ɗora a kansa zai ɗago. Sare wurin har inda ya yi ƙarfi, ka share, ka jiƙa, ka shafa ruwan siminti, sannan ka cike da kwaɓin siminti ɗaya, yashi uku, tun ruwan simintin bai bushe ba. Ramukan da cizal ya yi ma haka za a yi musu. A riƙa yayyafa wa facin ruwa na 'yan kwanaki, a bar shi aƙalla mako guda kafin a ɗora tayil, mai kauri kuma ya fi haka. Daga ƙarshe ɗora miƙaƙƙen katako ko ƙarfe mai mita biyu a wurare daban-daban. Idan giɓin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita uku, a gyara kafin a kawo sabon tayil, musamman in manya ne.

9. Gyara tayil ɗin da aka ceto

Jiƙa su cikin ruwa kwana ɗaya. Kifa kowanne a kan shimfiɗaɗɗen yashi mai laushi, yadda ko'ina na fuskarsa zai samu abin dogara, ka kankare gam ɗin bayansa da faffaɗan cizal a kwance, daga tsakiya zuwa gefe, da bugu mara ƙarfi. A kan siminti tsirara ba a yin wannan, nan take zai tsage. Wasu za su fashe a nan ma, don haka kada ka ƙirga abin da ka samu sai an gama. Ɗaga kowanne ka ƙwanƙwasa shi da yatsa: mai lafiya yana yin ƙara garau, mai ɓoyayyen tsagu kuwa sautinsa a dushe yake, sai a ware shi don yankan gefe da gindin bango. Idan daga 81 ka tsira da 50, murabba'in mita takwas ke nan, kuma wurin da za ka shimfiɗa su kada ya wuce murabba'in mita bakwai, saboda yanka da kuma 'yan kaɗan da za a ajiye don canji, tunda samun irin tsohon tayil a kasuwa da launi iri ɗaya abu ne mai wuya.